Ina Rabin Kod ɗin Ya Tafi? Nazari a kan Saka Mabuɗi a Bishiyar Ja-da-Baƙi Mai Karkata Hagu

Ɗalibin da ya koyi bishiyar ja-da-baƙi daga littafin Introduction to Algorithms na Cormen, Leiserson, Rivest da Stein yakan daɗe bai manta wahalar da ya sha a kan `RB-INSERT-FIXUP` ba: yanayi uku idan uban sabuwar gaɓa yana hagu, wasu uku kishiyoyinsu idan yana dama, ga duba launin baffa, ga hawa sama ta manunin uba. Ran da ya ci karo da sigar da Robert Sedgewick na Jami'ar Princeton ya fitar a 2008, wadda ta tattara gyaran duka cikin sharuɗɗa uku, yakan yi zaton akwai abin da aka tsallake. Babu abin da aka tsallake. Matsayina a wannan maƙala shi ne gajartar ta fito daga wurare uku mabambanta, karkata hagu ɗaya ne kawai daga cikinsu, kuma wani ɓangare na aikin da ya ɓace daga takarda ya koma kan injin ne.

Sai an fara da ma'anar jan launin. Rudolf Bayer ne ya kawo tsarin a 1972, sannan Leo Guibas da Sedgewick suka ba shi launuka biyu a 1978. Tun asali, bishiyar ja-da-baƙi hanya ce ta zana bishiyar 2-3-4 da gaɓoɓi masu 'ya'ya biyu kacal. A bishiyar 2-3-4, gaɓa ɗaya tana iya riƙe mabuɗi ɗaya ko biyu ko uku, kuma duk ganyayyaki suna zurfi ɗaya. Jan mahaɗi yana nufin gaɓoɓin nan biyu ɗaki ɗaya suke kwana. Baƙin mahaɗi kuwa shi ne sauka zuwa hawa na ƙasa. Daga nan dokokin suka fito: ja ba ya bin ja, kuma kowace hanya daga tushe zuwa ƙasa tana da baƙaƙe adadi ɗaya. Sakamakon shi ne tsawon bishiya mai mabuɗai `n` ba ya wuce `2 log2(n+1)`, wato kusan hawa 40 ga mabuɗai miliyan ɗaya.

Matsalar tsohuwar siga ita ce gaɓa mai mabuɗai biyu tana da zane biyu. Idan 10 da 30 suna ɗaki ɗaya, 30 na iya zama sama 10 ya rataya ja a hagunsa, ko 10 ya zama sama 30 ya rataya ja a damansa. Dukansu halal ne. To da zarar mabuɗi na uku ya shigo, siffofi biyar ne za su iya bayyana: ja biyu a jere hagu-hagu, hagu-dama, dama-hagu, dama-dama, ko kuma ja ɗaya a kowane gefe. Dole kod ya san kowace. Sedgewick ya haramta zane ɗaya: jan mahaɗi ba zai zauna a dama ba. Tunda tsohon jan kullum a hagu yake, dama-hagu da dama-dama ba su da ta inda za su fito, siffofi biyar sun koma uku. Arne Andersson ya riga shi wannan tunani a 1993, sai dai nasa bishiyar dama take karkata, abin da ke nuna cewa hagun kansa ba shi da wani sirri. Zaɓar gefe ɗaya shi ne magana.

Ga gyaran gaba ɗayansa, wanda ake gudanarwa a kowace gaɓa `h` yayin dawowa sama bayan an liƙa sabuwar gaɓa ja a ƙasa:

```python
if is_red(h.right) and not is_red(h.left):
    h = rotate_left(h)
if is_red(h.left) and is_red(h.left.left):
    h = rotate_right(h)
if is_red(h.left) and is_red(h.right):
    flip_colors(h)
return h
```

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne babu `else` ko ɗaya. Sharuɗɗan ba rassa ba ne da ake zaɓar ɗaya a bar saura. Matakala ce, kowane yana miƙa wa na gaba. Mu saka 10, 30, 20 mu gani. Mabuɗi 10 ya zama tushe, baƙi. Mabuɗi 30 ya fi shi, ya sauka dama da ja, sai sharaɗin farko ya juya su hagu: 30 ya hau sama ya karɓi baƙin launi, 10 ya koma ja a hagunsa. Yanzu 20 ya shigo. Bai kai 30 ba, ya yi hagu. Ya fi 10, ya yi dama. Wannan ita ce siffar hagu-dama, mafi wuya cikin ukun. A gaɓar 10 sharaɗin farko ya kama, aka juya hagu, 20 ya hau kan 10, dukansu ja. Siffar ta zama hagu-hagu. Da aka dawo gaɓar 30, sharaɗi na biyu ya ga ja biyu a jere ya juya dama: 20 a sama, 10 da 30 ja a gefensa biyu. Nan take sharaɗi na uku ya sauya launuka, 10 da 30 suka zama baƙaƙe, 20 ya zama ja, wato an raba ɗakin da ya cika an tura na tsakiya hawa na sama. Da yake 20 shi ne tushe, a ƙarshe aka mayar da shi baƙi. Siffa mafi wuya ta ratsa ta cikin masu sauƙi biyu, ba a rubuta mata kod nata na kanta ba.

Wuri na biyu kuma shi ne babu inda aka tambayi launin baffa. A tsohuwar siga, gaɓa baƙa mai jajayen 'ya'ya biyu tana iya zama haka har abada, saboda haka idan ja ya haɗu da jan uba dole a leƙa ɗan'uwan uban a ga ko ɗakin ya riga ya cika. A kod ɗin da ke sama ana raba irin wannan gaɓa tun kafin a bar wurin, don haka bishiyar ta zama ta 2-3 zalla, kuma jan uba ba zai taɓa samun jan ɗan'uwa ba. Tambayar ta mutu da kanta. Sedgewick ya nuna cewa idan aka ɗauke sharaɗin `flip_colors` aka kai shi kafin sauka, bishiyar 2-3-4 ake samu. Wurin da layi ɗaya ya zauna shi ke yanke irin bishiyar. Littafin Algorithms bugu na huɗu, wanda ya rubuta tare da Kevin Wayne a 2011, sigar 2-3 ya ɗauka.

Wuri na uku shi ne wanda masu yabo suka fi mantawa, kuma ba ruwansa da karkata. Kod ɗin yana kiran kansa ne, kowane kira yana mayar da tushen reshen da ya gyara, mai kiran kuma ya karɓa da `h.left = insert(h.left, key)`. Wannan ɗabi'a ta kawar da manunin uba ɗungurungum. A tsohuwar siga, kowane juyi sai ya gyara manunin uba na gaɓoɓi har uku, ya tambaya ko gaɓar tushe ce, ya tambaya ko ɗan hagu ce ko ɗan dama a wurin ubanta. A nan juyi layi biyar ne ko shida: musanya mahaɗai biyu, sabon na sama ya gaji launin tsohon, tsohon ya zama ja. Hujjar cewa wannan rabon gajartar ba na karkata ba ne tana hannun Chris Okasaki, wanda a 1999 ya rubuta saka mabuɗi na bishiyar ja-da-baƙi a yaren Haskell cikin 'yan layuka, bai haramta jan dama ba, ya bar siffofi huɗu na ja-bin-ja duka suna komawa zane ɗaya. Duk wanda zai kwatanta tsawon kod biyu, adalci shi ne ya cire wannan rabon kafin ya ƙirga.

Saura kuɗin da aka biya. A misalinmu na 10, 30, 20 an yi juyi uku. Tsohuwar siga biyu za ta yi, domin ba ta damu da 30 ya rataya a dama ba. Bambancin ya fi fitowa idan aka saka mabuɗai daga babba zuwa ƙarami. A saka 7, 6, 5, 4, 3, 2, sannan 1: wannan na ƙarshe zai jawo juyi a gaɓar 3, jan ya hau sama ya tarar da wani ja, a sake juyi a gaɓar 6. Da mabuɗai 15, na ƙarshe juyi uku zai jawo. Da 1023, tara. Tsohuwar siga kuwa ba ta wuce juyi biyu a saka ɗaya komai girman bishiya, domin abin da ke hawa sama a wurinta sauya launi ne kawai, kuma da an yi juyi gyara ya ƙare. Gaskiya ne irin wannan dogon jerin juyi ba kullum yake faruwa ba, kuma idan aka raba jimillar a kan dukan mabuɗan abin bai taka kara ya karya ba. Amma akwai wani kuɗin da ake biya kowane lokaci: kod ɗin ba ya tsayawa da wuri. Ko an gama gyara a hawa na ƙasa, sai ya duba sharuɗɗa uku a kowace gaɓa har tushe, yana sake rubuta mahaɗan da ba su canza ba. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa `TreeMap` na Java da `lib/rbtree.c` na Linux ke nan a kan tsohuwar hanya mai manunin uba, wanda kuma yake sauƙaƙa tafiya daga mabuɗi zuwa na gaba da shi. Eddie Kohler ya yi rubutu mai kaifi yana sukar bishiyar mai karkata hagu, kuma cire mabuɗi na cikin abin da ya fi kamawa: a can sai an ƙaro `moveRedLeft` da `moveRedRight`, a riƙa tura ja ƙasa yayin sauka, kuma sauƙin da aka gani wajen sakawa ba ya bin mutum zuwa can.

Gajeren kod ma yana da nasa tarkon, domin dukan hujjar tana ɓoye a jerin layukan. Wanda ya sa sharaɗi na uku gaban na biyu zai ga ɓarnar da mabuɗai ukun nan kawai: a gaɓar 30 za a duba sauya launi tun bai dace ba, sannan a juya dama, a bar 30 ja a dama ba mai raba shi. Wanda ya manta `not is_red(h.left)` kuwa bishiyarsa daidai za ta fito, sai dai duk lokacin da 'ya'ya biyu suka zama ja zai juya hagu ya sake juyowa dama a banza, kuma babu gwajin sakamako da zai tona shi, sai ƙirga juyi. Mafi sharri shi ne juyin da bai gadar da launi ba, domin nema zai ci gaba da ba da amsa daidai alhali daidaiton tsawo ya lalace. Saboda haka nake sa ɗalibaina su rubuta aikin bincike tun kafin su rubuta `insert`, wanda bayan kowace saka zai tabbatar da abu uku: babu ja a dama, babu ja biyu a jere, kuma adadin baƙaƙe daga tushe zuwa kowane `None` ɗaya ne. Sai su gwada shi da dukan jere shida na mabuɗai uku, sannan da 1 zuwa 1023 hawa da sauka, suna buga adadin juyin kowace saka a gefe.