Daidaita Littafin Kuɗi da Takardar Banki: Nazari a Kan Dillalin Citta a Kafanchan

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, cinikin citta da yawa a Kafanchan da Kwoi da Kachia ya koma ta taransfa. Hakan ya sauya aikin ƙarshen wata. A da, dillali aljihunsa yake ƙirgawa. Yanzu shaidu biyu gare shi, littafinsa da takardar bayanin asusu daga banki, kuma da wuya bakinsu ya zo ɗaya. Abin bincike shi ne wane saɓani jinkiri ya kawo, wane kuma asara ce.

Mu ƙaddara wani dillali da ke sayen busasshiyar citta daga manoman ƙasar Jaba yana turawa Kano. Ranar Asabar 30 ga Nuwamba 2024, littafinsa ya nuna naira 1,840,000 a banki, takardar banki kuwa ta nuna 2,195,500. Rarar 355,500 za ta iya sa shi sakin jiki, alhali mafi yawanta ba tasa ba ce.

Ana farawa da bin takardar banki layi-layi, ana sa alama a kan duk abin da ya bayyana a littafi. Waɗanda suka rage ba alama su ne aikin. Da farko akwai abin da banki ya sani, littafi bai sani ba. Wani mai saye daga Kano ya turo 150,000 bai kira ba, sai a ƙara. Sannan cajin banki: kuɗin kula da asusu, naira ɗaya kan kowace dubu da ta fita, wato 3,000 kan miliyan uku, da harajin kashi 7.5 a kansa, 225. Harajin naira 50 da Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗora kan taransfa daga 10,000 zuwa sama ya ci 1,200 a shigowa 24, kuɗin tura manyan taransfa ashirin kuma 1,075. Jimla 5,500, a cire. Akwai kuma kuskuren alƙalami: an biya direba 54,000, yaron shago ya rubuta 45,000. Irin wannan juyin lamba yana da alama, domin bambancinsa kullum yana rabuwa da tara ba saura. A cire 9,000. Littafi ya koma 1,975,500.

Daga nan sai ɓangaren banki, kuma a nan ba a taɓa littafi, domin daidai yake, banki ne bai cim masa ba. Cakin 400,000 da aka ba wata ƙungiyar manoma ranar Juma'a bai kai banki ba, a cire shi daga 2,195,500. Cinikin 60,000 da aka yi da na'urar kati ranar Asabar sai ranar aiki ta gaba zai shiga, a ƙara shi. An samu 1,855,500. Saura giɓin 120,000.

A ganina nan ne gizo ke saƙar. A littafi akwai 120,000 da aka rubuta ranar 12 ga wata, bayan wani baƙo ya nuna alat a wayarsa ya ɗauki kaya. A takardar banki babu ita. Hanya mafi sauƙi ita ce a jera ta tare da 60,000 a ce kuɗi ne da ke kan hanya, lissafi ya tashi cif. Amma taransfa tsakanin bankunan Najeriya takan faɗa cikin mintuna, in layi ya yi nauyi ta kwana ɗaya ko biyu, ko ta koma wa mai ita. Kuɗin da suka yi kwana goma sha takwas ba su iso ba, ba a hanya suke ba. Ko alat ɗin bogi ne, ko taransfa ta koma. Dole a cire su daga littafin kuɗi a mayar da su bashi a kan mai sayen, sai littafi ya sauka 1,855,500, daidai da banki. Wannan adadi ne dillali zai iya dogara da shi ya sari kaya a Disamba.

Saboda haka tashin lissafi daidai bai isa hujja ba. Duk abin da aka ce jinkiri ne, a rubuta kwanan watansa, a neme shi a takardar makon farko na sabon wata. Cakin da ya wuce wata shida banki ba zai biya shi ba, sai a maido da adadinsa cikin littafi, a bar haƙƙin manoman a shafin bashi.

Hanyar tana da iyaka. Ba ta ganin cinikin tsabar kuɗi da ba a rubuta ba kuma ba a kai banki ba. Wannan sai ƙirgen buhuna a sito ne zai tona shi. Haka in dillali yana biyan kuɗin makaranta da cefane daga asusun sana'a, kowane layi sai an tambaye shi kafin a san gurbinsa, aikin yini ɗaya ya koma na mako.