Ƙaramin fili

ƙàramin fīlī sn. nm., jam. ƙanānàn fīlā̀yē. (Hisabi)

1. Jama'ar bektoci wadda tarawa ko ruɓanyawa da adadi ba sa fitar da kome daga cikinta.

2. Ɗaya daga huɗu na matiris A mai layukan kwance m, na tsaye n, da martaba r: *filin kwance*, girmansa r; *filin sifiri* (Ax = 0), n − r; *filin tsaye*, r; *filin sifirin hagu* (Aᵀy = 0), m − r. Biyun farko suna cikin ℝⁿ, na ƙarshe cikin ℝᵐ, kowanne kuwa yana giciye abokinsa bisa kusurwa 90°, su biyun su cika filin ɗungurungum. Mis.: idan layukan kwance (1, 2, 3) ne da (2, 4, 6), r = 1; filin sifiri na (−2, 1, 0) da (−3, 0, 1) ne.

3. Hukunci, wanda shi ne mafi fa'ida: Ax = b ba ya warwaruwa illa in b na cikin filin tsaye, wato ya giciye filin sifirin hagu; a misalin nan filin sifirin hagu na (−2, 1) ne, kuma (−2, 1)·(1, 3) = 1, saboda haka b = (1, 3) ba shi da jawabi.

Dub. martabā̀.