Haƙoran babban kare: yadda dauɗa ke zama tsatsa, da alamomin ciwon dasashi

Babban kare yana da haƙora 42, waɗanda suke gama fitowa wajen wata 7 da haihuwa. Wanda ya faɗi daga cikinsu ba ya sake tsirowa.

Ciwon yakan faro ne daga wata dauɗa mai yauƙi da ƙwayoyin cuta ke shimfiɗawa a kan haƙori. Tana da taushi, burushi na ɗauke ta. In aka bar ta ƴan kwanaki, sinadaran da ke cikin miyau sai su daskarar da ita ta zama tsatsa mai ruwan ƙasa, mai tauri kamar siminti. Ta fi taruwa a gefen kumatu, kan fiƙoƙi da manyan turamen sama. Daga nan goga ba ta fitar da ita, sai likitan dabbobi ya sa wa karen maganin barci, ya kankare har ƙarƙashin dasashi. Kankarewa da wuƙa a gida tana goge abin da ido ke gani ne kawai, ciwon kuwa yana can ƙasa.

Shi ya sa ake so a goge kullum. Ana sa safar hannu, a ɗaga leɓen ba tare da an buɗe bakin ba, a karkata burushi mai taushi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, a goge gefen waje kamar minti ɗaya. Karen da bai saba ba, a fara masa da tsumma mai tsabta a naɗe a yatsa, haƙori biyu ko uku a rana. Kada a sa masa man goge baki na mutane: kare haɗiyewa yake, kuma wasu na ɗauke da zilitol, wanda guba ne gare shi. In babu na karnuka, ruwa ya isa.

Alamar farko ita ce warin baki da jan layi a bakin dasashi, sai jini in an taɓa. A wannan mataki yana warkewa sarai. In ciwon ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, ƙashin ba ya dawowa: dasashi ya janye, haƙori ya riƙa girgiɗi. Yawancin karnuka ba sa daina cin abinci duk da zafin, abin da ke yaudarar masu su.

A ɗauki karen gadi da ake jefa wa ƙashin sa. Ya koma tauna da gefe guda, bayan kwanaki kumburi ya fito ƙarƙashin idonsa. Sau da yawa ba ciwon ido ba ne. Babban turmin sama ne ya tsage, saiwarsa ta yi mugunya. Magani kan sauke kumburin, amma yakan dawo muddin ba a cire haƙorin ko an gyara shi ba.

Karen da ya fara dalalar da miyau kwatsam, halinsa ya sauya, musamman in ba a yi masa rigakafin haukan kare ba, kada kowa ya sa hannu a bakinsa. A killace shi, a kira ma'aikatan kiwon lafiyar dabbobi.