WAKAFIN SAYYIDINA UMAR DA YADDA AKE RUBUTA TAKARDAR HUBUSI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, Liman ya umurce ni da in rubuta wani abu a kan wakafi, watau abin da malaman mazhabarmu ta Malikiyya suke kira hubusi. Ma'anarsa ita ce mutum ya tsare asalin dukiyarsa, gida ne ko gona ko rijiya, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonta, amfanin da take bayarwa ne kaɗai zai riƙa tafiya ga waɗanda ya ambata.

Asalin wannan al'amari yana komawa ga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi. Bayan an buɗe Haibara a shekara ta 7 bayan hijira, ya sami wata ƙasa a can wadda shi da kansa ya ce bai taɓa mallakar abin da ya fi ta daraja ba. Ya je ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya nuna masa ya tsare asalinta, ya yi sadaka da abin da take fitarwa. Umar ya yi hakanan. Ya sanya amfanin ga matalauta, da dangi, da 'yantar da bayi, da sha'anin ɗaukaka addini, da matafiyi, da baƙo. Ya kuma yarje wa mai kula da ita ya ci daidai gwargwado, ya ciyar da aboki, amma kada ya tara wa kansa dukiya daga ciki. Buhari da Muslimu duk sun ruwaito wannan.

Abin da ya fi jan hankalina, da yake aikina rubutu ne, shi ne Umar bai bar maganar a baki ba. Abu Dawuda ya kawo takardar a cikin littafinsa, har da sunan wanda ya rubuta ta, watau Mu'aiƙibu, da wanda ya yi shaida, Abdullahi ɗan Arƙamu. A ciki an ambaci dukiyar da sunanta, aka kuma ce 'yarsa Hafsa, Uwar Muminai, ita za ta kula da ita muddin ranta, bayanta kuma sai mai hankali da basira daga cikin danginta. Mai karatu ya duba: dukiya, da masu cin amfani, da mai kula, da magajin mai kula, da marubuci, da shaida. Har yau takardar wakafi ba ta wuce waɗannan ba.

A gwada wannan da gonar Bairuha'u ta Abu Ɗalha. Shi ma ya bayar da ita saboda Allah, aka umurce shi ya sanya ta ga danginsa, cikinsu har da Ubayyu ɗan Ka'abu da Hassanu ɗan Sabitu. Daga baya Hassanu ya sayar da rabonsa ga Mu'awiya. Malamai da yawa suka ce dalili shi ne sadaka ce aka mallaka musu, ba a tsare asalinta ba. Don haka in mutum ya ce a rubuta “na yi sadaka da gidana” ya yi shiru, nakan tsaya in tambaye shi abin da yake nufi. In wakafi yake so, sai a rubuta “na wakafta” ko “na yi hubusi”, a ƙara da cewa ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado.

Bayan bisimilla da kwanan wata, akan rubuta sunan mai wakafi da na mahaifinsa, da shaidar cewa yana cikin lafiya da hankalinsa, ba bashin da ya cinye dukiyarsa. Wannan ba ado ba ne. Wakafin da aka yi cikin ciwon ajali hukuncin wasiyya yake ɗauka, ba ya wuce sulusi, kuma ba ya inganta ga magaji sai da yardar sauran magada. Sa'an nan a siffanta dukiyar da iyakokinta huɗu, gabas da yamma da kudu da arewa, da lambar takardar mallaka in akwai.

Wajen ambaton iyali kuwa, a nan alƙalami yake bukatar natsuwa. A Muhtasar na Shehu Halilu, kalmar “waladi” da “aƙibi” da “nasli” ba su haɗa da 'ya'yan 'ya mace ba, amma “zurriyya” ta haɗa da su. Mu da muke rubutu da Hausa, gara a faɗa a fili: maza da mata, da 'ya'yan maza da 'ya'yan mata, ko kuwa a'a. A kuma faɗi ko jika zai ci tare da ubansa ko sai bayan uban ya rasu. Wanda ya keɓe 'ya'yansa maza ya fid da mata, Shehu Halilu ya lissafa wakafinsa cikin ɓatattu, wasu masu sharhi kuma suka tsaya ga karhanci. A ƙarshe a rubuta makoma in zuriya ta ƙare, masallaci ne ko makaranta ko miskinan gari. In ba a rubuta ba, sai ya koma wakafi ga matalautan dangin mai wakafi na wajen uba, mafi kusa sannan mafi kusa. Rashin tsara waɗannan abubuwa yakan kai ga rabo ya ƙanƙance, shari'a ta yawaita, kuma yana cikin hujjojin da aka kafa da aka soke wakafin iyali a Siriya a 1949, da Masar a 1952.

Amma inda wakafi ya fi mutuwa a wurinmu shi ne hauzi, watau fitar dukiyar daga hannun mai ita zuwa hannun waɗanda aka yi dominsu ko naziri mai kula. Imamu Shafi'i bai shardanta shi ba, yana kafa hujja da cewa Umar da kansa ya ci gaba da kula da tasa har ya rasu. Malikiyya kuwa sun shardanta: in mai wakafi ya mutu, ko bashi ya rufe shi, ko ciwon ajali ya kama shi kafin a karɓa, wakafi ya ɓaci. Haka kuma in ya shardanta shi ne naziri, ko ya koma zama cikin gidan kafin shekara ta cika.

Na ga wannan da idona. Wani dattijo ya wakafta gida mai kantuna huɗu a jikinsa, ya ce kuɗin hayar biyu na zuriyarsa ne, ɗaya na malamin makarantar allo, ɗaya na gyaran ginin. Tsari mai kyau ƙwarai, domin ya tuna da gyara, wanda shi ake fara fitarwa kafin kowa ya karɓi kwabo. An rubuta, shaidu biyu sun sa hannu. Sai dai ya naɗe takardar ya sa a akwati, ya ci gaba da karɓar haya yana cefane da ita shekara uku, har Allah Ya yi masa cikawa. Da aka zo rabon gado, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya ƙi yarda. Alƙali ya tambayi shaidu tambaya ɗaya tak: kun ga an miƙa? Suka ce furuci suka ji, ba su ga miƙawa ba. Gida ya koma gado, malamin makaranta bai sami ko sisi ba.

Tun daga ranar, ba na rufe takarda sai mun tashi mun je wurin. A miƙa makullai ga naziri a gaban shaidu adilai biyu, a kira 'yan haya a gaya musu wanda za su riƙa biya daga wannan wata. In masallaci ne ko rijiya, hauzinsa shi ne a buɗe wa jama'a su yi salla ko su ɗebi ruwa. Sa'an nan in ƙara layi a ƙasan takarda cewa shaidu sun ga karɓar da idonsu, rana kaza ga wata kaza. Akan yi kofe uku: ɗaya ga naziri, ɗaya ga Liman, ɗaya kuma a kai gaban Alƙali ya buga hatimi, a ajiye a kotu.