Taƙaitaccen Bayani a Takardar Neman Jari

Taƙaitaccen bayani shi ne shafin farko na takardar neman jari, amma a ƙarshe ake rubuta shi, domin alƙalumansa su dace da na cikin takardar. Abu uku yake fayyacewa: matsala, mafita da kuɗi.

Alal misali, ƙungiyar manoman rogo a Garaku, hedikwatar ƙaramar hukumar Kokona a jihar Nasarawa, na neman rancen Bankin Manoma. Matsalarta ita ce ɗanyen rogo yakan fara lalacewa cikin kwana uku da tonowa, dole a karyar da farashinsa. Mafita ita ce injin gurza da na matsewa, don sarrafa shi zuwa gari. Idan aikin zai ci naira miliyan 5, ƙungiyar kuma ta tara miliyan 1, sai shafin ya nemi miliyan 4, tare da wa'adin biya.

Shafin da bai faɗi adadi ba, bai kammalu ba.