Shuɗiya da Ruwan Ƙasa: Yadda Maganin Asma Ya Rabu Gida Biyu

Idan hunturu ya sauka a Zagga, hazo ya rufe bakin kogi, ana bugun shinkafa ƙaiƙayi yana tashi, mai ciwon asma ba ya buƙatar kalanda. Ƙirjinsa ne yake gaya masa. Zai je wurin mai kemis ya ce a ba shi "inhela", kuma ba a tambayarsa wace iri, domin a bakin yawancin mutane inhela ɗaya ce, shuɗiyar nan. Wani lokaci kwalin da rubutun Turanci, wani lokaci da Faransanci idan ta biyo hanyar Benin ta Lolo ko Tsamiya, amma abin da ke ciki ɗaya ne: salbutamol. Akwai ta biyu, wadda aka fi yi da launin ruwan ƙasa, wadda ba kasafai ake nemanta ba. Wanda ya taɓa saye yakan ce ya fesa bai ji komai ba. Gaskiyarsa, ba zai ji ba. Dalilin hakan tarihi ne na kusan ƙarni ɗaya da rabi.

Sai mu fara da abin da ke cikin ƙirjin. Hanyoyin iska na huhu kamar tiyon ban-ruwa suke, suna ta rassa suna ƙara sirancewa, kuma kowane ɗaya yana da siririyar tsoka da ta naɗe shi kamar zariya. Ruwa yakan ƙi wuce tiyo ta hanya biyu. Ko dai wani ya matse shi da hannu, ko kuma laka ta taru a ciki ta cinye ramin. Na farkon shi ne tsukewar tsoka: ƙura ko hayaƙin igiyar leko ko sanyin asuba ya taɓa ta, ta ɗaure cikin mintuna, numfashi ya koma fito. Na biyun shi ne kumburi: fatar cikin hanyar ta yi kauri, ƙwayoyin jini na garkuwar jiki sun taru a wurin, majina mai yauƙi ta cika. Wannan ba ya zuwa cikin mintuna, ba ya kuma tafiya cikin mintuna. Yana nan har ranar da mutum yake ganin lafiyarsa ƙalau, kuma shi ne yake sa tsokar ta zama mai saurin fushi, abin da bai kai ya kawo ba ya tayar da ita.

Masu magani na dā tsukewar suka gani, don ita ce take da ƙara. Musa bin Maimun ya rubuta littafi sukutum a kan asma da Larabci a Masar wajen shekarar 1190, yana ba da shawarar iska mai tsabta da kula da abinci. A 1860 wani likitan London, Henry Hyde Salter, wanda shi kansa yake fama da ciwon, ya kafa ra'ayin da ya daɗe yana mulki: asma tsuke tsokar hanyar iska ce. Maganin zamanin ma abin da ke sakin tsoka ne. Salter yana yaba baƙin kofi mai ƙarfi, kuma Turawa sun koyo shan hayaƙin ganyen wani tsiro daga Indiya, har ana naɗa shi kamar taba ana sayarwa. Tsiron nan ba baƙo ba ne a gare mu, dangin zaƙami ne, wanda muka sani da haukata yaro. Yana buɗe ƙirji, yana kuma iya juya kai ko ya kashe.

Ba wai babu wanda ya hango kumburin ba. William Osler ya ambace shi a littafinsa na 1892, kuma masu duba kaki da madubin likita sun riga sun ga wasu ƙwayoyi da ake kira iyosinofil cunkushe a kakin masu asma. Amma wa zai tsaya wa abin da ba shi da magani, ga wanda yake da shi? A 1903 aka fara yi wa masu asma allurar adirenalin, mutum yana shessheƙa ya dawo daidai a gaban idon likita. A 1956 kamfanin Riker na Amurka ya fito da gwangwanin fesawa irin wanda muka sani yau, bayan 'yar shugaban kamfanin, yarinya mai asma, ta tambayi mahaifinta me ya hana a zuba maganinta a gwangwani kamar man feshin gashi. Daga nan sauƙi ya shiga aljihu.

Sai mutuwa ta biyo baya. A shekarun 1960 yawan masu mutuwa da asma ya yi tsalle a Ingila da Ostareliya da New Zealand, musamman yara da matasa, daidai lokacin da ake sayar da wani feshi mai suna isofirenalin a nau'insa mai ƙarfi, wanda ya ninka na yau da kullum sau biyar. Ana ta gardama ko zuciya maganin yake bugarwa, ko kuwa sauƙin da yake bayarwa ne yake hana mutane zuwa asibiti har lokaci ya ƙure. Wataƙila duka biyun. Salbutamol, wanda ya shigo kasuwa a 1969 da sunan Bentolin, ya rage matsalar zuciyar, don ya fi tsayawa a kan tsokar huhu. Matsala ta biyun bai taɓa ta ba. New Zealand ta sake shiga irin wannan annoba daga 1976 da wani feshin sakin tsoka mai suna fenoterol, ba ta fita ba sai da aka taƙaita shi bayan binciken 1989.

A gefe guda wani likita a garin Derby na Ingila, Harry Morrow Brown, yana ta bin wani sawun. A shekarun 1950 an samu magungunan sitiroid irin su kotison da firednisolon, ana ta saɓani ko suna yi wa asma aiki. Shi sai ya ɗauko tsohon madubinsa na zamanin ɗalibta yana duba kakin marasa lafiyarsa, ya lura cewa masu iyosinofil a kaki su ne suke samun sauƙi. Ya wallafa hakan a 1958. Wato akwai wuta a ƙarƙashin tokar, kuma ga ruwan kashe ta. Damuwar ita ce ƙwayar sitiroid idan aka daɗe ana sha tana kumbura fuska, ta hau da hawan jini da suga, ta raunana ƙashi, ta tsayar da girman yaro. Mafita ta zo a 1972 da beklometason na shaƙa: ɗan mitsitsin sitiroid da ake kai wa kai tsaye inda kumburin yake, sauran jiki ya huta. Ita ce inhela ruwan ƙasa.

Duk da haka an ɗauki shekara ashirin ana ganin ta masu tsananin ciwo ce kawai. Likitocin Finland ne suka karya wannan. A 1985 sun gutsuro naman hanyar iska na masu asma suka ga lalacewa har a wurin masu ciwo mara tsanani. A wani binciken da suka wallafa a 1991 sun raba sababbin masu asma gida biyu, wasu a kan sitiroid na shaƙa, wasu a kan mai sakin tsoka kaɗai, na shekara biyu. Na farkon suka fi samun lafiya. Aka ci gaba da tara hujja har 2019, lokacin da GINA, ƙungiyar da ke fitar da ƙa'idar kula da asma ta duniya, ta daina yarda a bar babba ko matashi a kan shuɗiya ita kaɗai. Abin da ta fi so yanzu shi ne gwangwani ɗaya da ya haɗa budesonid, mai kashe kumburi, da fomoterol, mai sakin tsoka da sauri, ta yadda duk lokacin da mutum ya nemi sauƙi ya sha maganin tushen ba tare da ya yi niyya ba. Dabara ce ta wanda ya san halin ɗan Adam.

Mu dawo Zagga mu yi lissafi. Ɗauki manomin shinkafa da ke fesa shuɗiya sau biyu da asuba, biyu a gona, biyu da dare. Feshi shida ke nan a rana. Gwangwanin yana da feshi 200, kowane ɗaya maikirogiram 100, don haka wata ɗaya da 'yan kwanaki zai yi masa, kusan gwangwani 11 a shekara. Bincike ya nuna daga gwangwani uku a shekara haɗarin mummunan tashin ciwo yake ƙaruwa, a wajen 12 kuwa haɗarin mutuwa ne. Shi yana ganin magani yana masa aiki, kuma yana yi: cikin minti biyar ƙirji ya buɗe, ya yi awa huɗu zuwa shida. An saki hannun da ya matse tiyo ne, laka tana nan tana ƙaruwa. Ranar da ta kusa toshe ramin, zai fesa ya fesa ba labari, domin ba tsoka ce ta rage ba.

Da likita zai ɗora shi a kan beklometason, feshi biyu safe biyu yamma, gwangwani mai 200 zai yi masa kwana 50. Ranar farko ba zai ji komai ba. Sai bayan kwanaki, wani lokaci makonni, zai lura ya daina farkawa cikin dare, shuɗiyar kuma ta daɗe a aljihu. A nan ake yin kuskure na biyu, a ce an warke a ajiye, bayan 'yan makonni kumburin ya dawo. Ma'aunin mai sauƙi ne: wanda ciwon yake taso masa ko yake buƙatar shuɗiya fiye da sau biyu a mako, ko asma take tashinsa daga barci, kumburinsa bai kwanta ba. Bayan an fesa ruwan ƙasa a kurkure baki a tofar, don ragowarta tana kawo farin ƙurajen baki da dishewar murya. Kuma ba ta maye gurbin shuɗiya idan ciwo ya tashi. Wanda ya kasa ƙarasa jimla don haki, a ba shi shuɗiya a kama hanyar asibiti a lokaci guda.

Yawancin feshin ma a baki da maƙogwaro yake tsayawa idan ba a iya haɗa dannawa da jan numfashi ba. A 1999 likitoci a Cape Town suka nuna cewa gorar roba mai rabin lita, a huda gindinta a cusa bakin inhela ya zauna daram, yaro ya shaƙa ta bakin gorar, tana aiki kamar gorar shaƙa da ake sayarwa a kanti don magance wannan matsalar.

Kada kuma a ɗora wa hunturu laifin duka. A 1975 David Warrell da abokan aikinsa sun wallafa binciken masu asma 106 a Zariya, suka tarar kashi 45 cikin ɗari ciwonsu ya fi tsanani da damina, suka kuma samu ƙananan ƙwarin ƙura a katifu. Mai cewa zai sha ruwan ƙasa da sanyi ya huta da damina sai ya fara lura da nasa ƙirjin.

Abin da ya rage shi ne kuɗi da samuwa. Inhela ruwan ƙasa da mai haɗin biyu sun fi wuyar samu a ƙauye, kuma tun da kamfanin GSK ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, ita kanta Bentolin ta yi tsada. Da yawa sun koma ƙwayar salbutamol mai sa hannu rawa da bugun zuciya, ko su riƙa haɗiyar firednisolon da deksametason ba bisa ƙa'ida ba, wato sun koma daidai matsalar da aka ƙirƙiro beklometason don a guje mata a 1972.