Ma'anar "Alhamdu lillahi" da "In sha Allahu" ga abokan zama waɗanda ba Musulmi ba

Baƙon da ya shiga Ƙofar Galadima a birnin Zariya, ko daga Sabon Gari ya fito ko daga Samaru, zai riƙa jin waɗannan kalamai biyu na Larabci a kusan kowace gaisuwa. Sanin fassararsu kaɗai bai wadatar ba, sai an san muhallin da ake faɗarsu.

"Alhamdu lillahi" na nufin godiya ta tabbata ga Allah. Musulmi kan faɗe ta a halin daɗi da na tsanani, don haka ba shaida ba ce cewa komai na tafiya daidai. Idan aka tambayi maƙwabci, "Yaya mai jiki?" ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," mai yiwuwa majinyacin na kwance a asibiti. Abin da ya dace shi ne a ce, "Allah ya ƙara sauƙi," sannan a je dubiya.

"In sha Allahu" kuwa na nufin idan Allah ya so, kuma ana faɗarta kan abin da bai auku ba tukuna, bisa umarnin da ya zo a Suratul Kahfi. Asalinta ba hanyar zillewa alkawari ba ce. Idan tela ya ce, "Ranar Laraba, in sha Allahu," ya ɗaure kansa da ranar. Idan bai ambaci rana ba, babu laifi a nemi ya tsayar.

Wanda ba Musulmi ba zai iya amsa gaisuwa da "Mun gode Allah," kamar yadda Hausawa Kiristoci na Wusasa ke faɗa.